Yadda ake komar da rumbun bayanai zuwa minti ɗaya kafin ɓarna

A daren 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, inda dubban masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, yana ƙoƙarin gyara sabar da ke riƙe da kwafin rumbun bayanansu. Ya ba da umarnin gogewa, ashe babbar sabar ya buɗe. Kafin ya ankara kusan gigabait 300 sun tafi. Da aka juya ga kwafin ajiya sai aka tarar ba ya nan: manhajar da ke ɗaukarsa ta PostgreSQL 9.2 ce, rumbun kuwa 9.6, saboda haka ta daɗe tana kasawa ba wanda ya sani. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin aukuwar abin, kuma duk abin da jama'a suka shigar a rumbun bayanan a cikin awannin nan shida ya salwanta.

Kamfanin da kansa ya wallafa wannan bayani, kuma ya kamata ɗalibin da aka ba aikin kammala karatu a kan kwafin ajiya ya fara tunaninsa daga nan. Ɗalibai da yawa sukan cika babi guda da ma'anonin nau'o'in kwafi, su wuce tambayar da ta haifi nau'o'in tun farko: ranar da abu ya lalace, da me za a maido shi, a cikin minti nawa, kuma aikin awa nawa za a rasa? Littattafan fannin suna kiran asarar da za a iya jurewa RPO, jinkirin da za a iya jurewa kuma RTO. Duk wani zaɓi da za ka yi amsa ce ga waɗannan biyun.

A ce aikinka manhajar kantin magani ce. Rumbun bayanan ya kai gigabait 10, kuma kullum cinikin yini yana canza rabin gigabait. Mafi sauƙi shi ne cikakken kwafi, wanda za ka ga an rubuta `full` a allon manhaja: a kwashe komai, kowane dare. Maidowa ba ta da wahala, kwafi ɗaya za ka ɗauko. Amma a mako guda ka cinye gigabait 70, alhali abin da ya canza bai wuce uku da rabi ba. Idan ta intanet ake tura shi, kuɗin data kaɗai ya isa ya sa mai kanti ya ce a bari.

Shi ya sa ake yin cikakken kwafi sau ɗaya, a ce daren Lahadi, sauran ranakun a ɗauki canji kawai. Sai dai canji daga yaushe? A nan hanya ta rabu biyu.

Kwafin ƙari, wato `incremental`, yana ɗaukar abin da ya canza tun daga kwafin da ya gabace shi, ko wane iri ne. Na Litinin ya ɗauki canjin Litinin, na Talata ya ɗauki na Talata kaɗai. Kowanne rabin gigabait ne, don haka daga Lahadi zuwa Asabar jimilla 13 ke nan. Kwafin bambanci kuwa, `differential`, kullum daga cikakken kwafin Lahadi yake awo. Na Litinin rabin gigabait, na Talata ɗaya, na Laraba ɗaya da rabi, har na Asabar ya kai uku. Idan ka haɗa shidan za ka sami goma da rabi, da na Lahadi kuma 20 da rabi. Wannan lissafi ya ɗauka cewa kullum sabon wuri ake taɓawa. Idan layuka ɗaya ake ta sakewa, kamar adadin farasitamol da ya rage a kanta, kwafin bambanci ba zai kumbura haka ba, kuma yana da kyau ɗalibi ya faɗi wannan sharaɗi a rubutunsa.

Yanzu faifan kwamfutar kanti ya mutu da safiyar Alhamis. Mai kwafin bambanci zai ɗauko biyu, na Lahadi da na Laraba, ya gama. Mai kwafin ƙari sai ya ɗauko huɗu, Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, ya jera su bi da bi ba tsallake. Idan na Talata ya lalace, na Laraba ba shi da sauran amfani ko da lafiyarsa ƙalau, domin a kan na Talata aka gina shi. Dole a tsaya a daren Litinin. Mai kwafin bambanci kuwa in na Laraba ya lalace sai ya koma na Talata, ya rasa yini ɗaya kawai. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne na Lahadi: in ya tafi, duka sun tafi. A ganina, ga ƙaramin rumbu irin wannan kwafin bambanci ya fi kwanciyar hankali, tunda gigabait bakwai da rabi da ya ƙara ba su kai darajar barcin mai kanti ba. Kwafin ƙari yana nuna amfaninsa ne idan bayanai sun yi yawan da dare ɗaya ba zai isa a kwashe su ba.

Duk da haka, ukun nan iyakarsu daren jiya. Ɗauka ba faifai ne ya mutu ba. Ranar Alhamis da ƙarfe 11:42 wani ya so goge rasit ɗaya, ya manta sharaɗin `WHERE`, ya rubuta:

```sql
DELETE FROM ciniki;
```

Teburin ciniki ya koma fanko. Kwafin daren Laraba zai dawo da tsofaffin rasit, amma cinikin da aka yi daga buɗe kanti zuwa 11:41 ba ya cikinsa. Ita ma saba ta biyu mai kwaikwayon ta farko ba ta magani, don cikin ƙiftawar ido za ta goge nata. Abin da ake bukata shi ne maidowa zuwa wani takamaiman lokaci, wanda ake taƙaitawa PITR.

Dabarar ta dogara ne da wani abu da rumbun ke yi dama. Kafin PostgreSQL ta taɓa ainihin teburi, sai ta fara rubuta canjin a wani kundi da ake kira WAL. Asalin amfaninsa shi ne in an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ta duba kundin ta ƙarasa abin da aka tabbatar. Kamar ɗan kasuwa ne da ya ƙidaya kayan shagonsa ran Lahadi, sannan yake rubuta duk abin da ya shiga ko ya fita da lokacinsa: in ka ba shi ƙidayar da littafin, zai faɗa maka abin da ke shagon a kowace sa'a ta makon. PostgreSQL ta samu wannan damar tun fitowar 8.0 a 2005. MySQL ma tana da nata kundin, `binlog`.

Kundin yana fitowa gunduwa-gunduwa, kowace megabait 16, kuma rumbun yakan sake amfani da tsofaffin. Aikinka shi ne ka sa a kwafe kowace gunduwa zuwa wani faifai daban kafin hakan ta faru. A cikin `postgresql.conf`:

```
archive_mode = on
archive_command = 'test ! -f /ajiya/wal/%f && cp %p /ajiya/wal/%f'
archive_timeout = 300
```

Sai a sake tayar da sabar, sannan a ɗauki cikakken kwafi da `pg_basebackup`. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe: kwafin `pg_dump` ba ya zama tushen wannan aiki, domin shi umarnan sake gina tebura yake fitarwa, kundin kuwa shafukan faifai yake nunawa. Layi na uku ma ba ado ba ne. Ba a kwafe gunduwa sai ta cika, kuma ƙaramin rumbu na iya yin awanni bai cika megabait 16 ba. Lambar 300 tana tilasta rufe gunduwa bayan minti biyar muddin an yi wani canji, wato in faifan ya mutu asararka ba za ta wuce kusan minti biyar ba. Farashinsa shi ne gunduwar da aka rufe da wuri ma megabait 16 take ci.

Ranar maidowa, ka zuba cikakken kwafin a sabon wuri, ka ƙirƙiri fayil fanko mai suna `recovery.signal` (haka ake yi tun daga fitowa ta 12), ka ƙara:

```
restore_command = 'cp /ajiya/wal/%f %p'
recovery_target_time = '2025-03-13 11:41:00+01'
```

Da ka tayar da sabar za ta fara daga daren Lahadi, ta yi ta maimaita canje-canje ɗaya bayan ɗaya har ta iso 11:41, ta dakata ta jira ka duba. Kada ka manta `+01` ɗin nan, agogon Najeriya da Nijar ke nan. In ka bar shi kuma sabar tana bin agogon UTC, za ta fahimci 12:41 namu, ta maimaita gogewar da kake gudu.

Akwai iyakoki da ya kamata su fito fili a rahotonka. Maidowar ta shafi rumbun ne gaba ɗaya, ba a zaɓar tebur ɗaya. Idan sai ƙarfe biyu aka gano ɓarnar, komawa 11:41 kai tsaye zai share cinikin da aka yi bayan nan. Shi ya sa ake maidowa a wata kwamfuta daban, a kwaso teburin ciniki daga can, a zuba a rumbun da ke aiki. Kundin kuma ba ya yafe giɓi: gunduwa ɗaya ta ɓace ran Talata, maimaitawa ta tsaya ran Talata. Sannan maimaita kundin kwana uku da rabi yana cin lokaci, kuma a nan ne kwafin ƙari ke haɗuwa da wannan dabara. PostgreSQL 17 da ta fito a 2024 ta zo da `pg_basebackup --incremental` da `pg_combinebackup`, ta yadda za ka harhaɗa tushe na daren Laraba, ka maimaita kundin safiya ɗaya kawai.

Ta yaya za ka san kwafewar ta tsaya? Alamomin biyu ne. Babban fayil ɗin `pg_wal` zai yi ta kumbura, saboda rumbun ba ya zubar da gunduwar da ba a kwafe ba, har faifan ya cika sabar ta tsaya. Kafin a kai nan, duba `pg_stat_archiver`: in `failed_count` yana hawa, ko `last_archived_time` ya tsaya a jiya alhali an yi ciniki yau, akwai matsala.

Gwajin da zan so gani a gaban malaman da za su duba aikin ba shi da tsada, laftof da filasha sun isa. Ka rubuta ɗan shiri mai shigar da layi ɗaya kowane sakan goma tare da lokacinsa. Bar shi ya yi awa guda, ka goge teburin da gangan, ka rubuta lokacin. Ka maido zuwa minti ɗaya kafin nan kana riƙe da agogo, sannan ka tambayi rumbun `SELECT count(*), max(lokaci) FROM ciniki;` ka gwada da abin da lissafi ya ce. Daga nan ka cire gunduwa ɗaya daga tsakiyar kundin ka sake gwadawa. A fitowa ta 13 zuwa sama sabar za ta ƙi tashi, ta rubuta cewa maidowa ta ƙare kafin a kai lokacin da aka nema. Ka sa wannan saƙon a rahoton, tare da mintocin da kowace maidowa ta ci da adadin layukan da aka rasa.