"Ba Na Buƙatar Komai": Wace Kyauta Za A Yi Wa Mai Irin Wannan Amsa?

Sallah ta gabato, maigida ya tambayi matarsa abin da take so, sai ta ce, "A bar shi kawai, a yi wa yara." Idan ita ta tambaye shi, amsarsa ba ta wuce "Ki yi min addu'a." Daga nan wani yakan haƙura, wani kuma ya sayo duk abin da idonsa ya fara faɗawa a kasuwa. Matsalar tun daga tambayar take, domin a tarbiyyarmu faɗin abin da kake so ya yi kama da roƙo.

Abubuwa uku ne sukan sa a ce ba a son komai. Akwai kunya da kara, musamman a farkon aure. Akwai tausayi: ta san an biya kuɗin makaranta, ga haya ta matso. Akwai kuma wanda da gaske kaya sun ishe shi. Mai kunya za ta yi murna da kyautar da ba a sa ta ta faɗa ba. Mai tausayi kuwa kyauta mai tsada damuwa za ta jawo mata, balle ta gano bashi aka ci. Na ukun a ba shi lokaci ko a ɗauke masa wani nauyi, kamar a kai ta ganin mahaifiyarta da ta daɗe ba ta je wa ba.

Sai a bambance kyauta da haƙƙi. Kayan Sallah da cefane nauyi ne a kan maigida. Tukunya da kula kuwa na gida ne, kowa zai ci moriyarsu. Kyauta ita ce abin da ya shafe ta ita kaɗai.

Mu ɗauki misalin matar da ke ɗinki a gida. Mijinta ya daina tambaya, ya koma lura tun farkon azumi. Ya ga idan an ɗauke wuta da dare tana cije da wayarta tana haska allura. Ya ga tana dafa ƙugu duk lokacin da ta tashi daga kan keke, saboda kujerar ta yi mata ƙasa kuma ba ta da majingina. Ya kuma ji ta yaba wata atamfa a jikin ƙawarta har sau biyu, amma ba ta taɓa yanka wa kanta irinta ba, kullum na mutane take ɗinkawa.

Da abin da ke aljihunsa, ya sayi fitila mai caji wadda ake karkata wuyanta kan allura. Ya auna tsayin teburin keken, ya kai wa kafinta ya yi kujera mai majingina daidai da shi. Kan atamfar kuwa ya nemi ƙanwarta a ɓoye, ta turo masa hoton zanen da launin da yayarta ke so, ya je Kantin Kwari ya sayo turmi ɗaya, yadi shida. Sannan ya kai wa wata tela daban. Da ya miƙa mata atamfar haka nan ana cikin ɗinkin Sallah, da aiki ya ƙara mata, ƙila ma ta yanka wa yara.

Haka uwargida za ta yi da mijin da ya ce addu'a ta ishe shi. Ta duba hular da bakinta ya koɗe amma ya ƙi rabuwa da ita. Kada ta ƙiyasta girman kansa. Ta ba ƙaninta tsohuwar ya je da ita wurin masu hula a auna, don bambancin rabin inci ya isa ya sa sabuwar ta zauna a sif ba a sawa.

A gida mai mata fiye da ɗaya, a yi hattara. Ba dole kyautar ta zama iri ɗaya ba, tunda buƙatu sun bambanta, amma darajar ta yi kusa, kuma a bayar a lokaci ɗaya.

Ta yaya za a gane an dace? Godiya ba ma'auni ba ce, kowa zai ce "Allah Ya saka da alheri." A duba bayan mako biyu. Idan kayan na ƙasan akwati, ko an ba wani, ko kuma tambayar farko ita ce "Nawa ka saya?", to ba a karanci dalilin amsar ba. Idan kuwa fitilar tana kan keke kowane dare, an dace. A bar shela a gaban dangi da yawan tuna mata, domin gori yana ɓata kyauta komai kyanta.