Idan SQL Ya Nuna Kalma Da Yatsa, Duba Bayanta

Ɗalibin da ya fara koyon rumbun bayanai ba ya daɗewa bai ci karo da jan rubutu a ƙasan allo ba. Ya rubuta umarni, ya danna, maimakon sakamako sai ga saƙon kuskure da Turanci. Abin da akasari ke biyo baya shi ne ya ɗauki hoton allon ya tura wa abokin karatu, yana tambayar me ya lalace. Alhali kuwa amsar tana cikin hoton, in dai an san yadda ake karanta shi.

Bari mu ɗauki misali daga manhajar SQL Server ta kamfanin Microsoft. A ce akwai tebur mai suna `dalibai`, ɗalibi yana son ganin sunayen 'yan aji biyu, sai ya rubuta:

```sql
SELECT suna, aji,
FROM dalibai
WHERE aji = 2;
```

Sai manhajar ta amsa masa da cewa:

```
Msg 156, Level 15, State 1, Line 2
Incorrect syntax near the keyword 'FROM'.
```

Layin farko bayanin saƙon ne. Lamba 156 ita ce shaidar wannan nau'in kuskure, wato tsarin jimla ya karye kusa da ɗaya daga cikin keɓaɓɓun kalmomin SQL. `Level 15` yana nuna nauyin matsalar, kuma yana cikin matakan da mai rubutu ke iya gyarawa da kansa. Kwamfutar ba ta lalace ba, bayanan da ke cikin teburin ma babu abin da ya taɓa su, domin umarnin da tsarinsa ya karye ba a zartar da shi ko kaɗan. `Line 2` kuma layi na biyu ke nan.

Layi na biyu na saƙon shi ne inda ɗalibai suka fi ruɗewa. Ganin an ambaci `FROM`, sai ɗalibi ya zuba wa kalmar ido, ya goge ta ya sake rubutawa, ya mayar da ita ƙananan baƙaƙe, duk a banza. Kalmar lafiyarta ƙalau. Saƙon bai ce ita ce kuskuren ba, cewa ya yi kuskuren yana kusa da ita.

Dalilin yana cikin yadda manhajar ke karatu. Tana bin umarni ne kalma bayan kalma, daga hagu zuwa dama, kuma a kowane mataki ta san abin da ƙa'ida ta yarda ya biyo baya. Da ta ga `SELECT` sai ta jira sunan gurbi, ta samu `suna`. Ta ga waƙafi, ta jira wani suna, ta samu `aji`. Ta sake ganin waƙafi, don haka ta sake jiran suna na uku, sai ga `FROM`, wadda ba za ta iya zama sunan gurbi ba. A nan ta cije, ta kuma faɗi inda ta cije. Kamar mutum ne ya ce maka, "Na sayi shinkafa da wake da a kasuwa." Kunnenka zai yi tuntuɓe a kan "a", amma laifin na "da" ɗin ƙarshe ne da ya yi alkawarin abu na uku bai kawo ba.

Saboda haka gyaran yana layi na ɗaya, ba na biyun da saƙon ya ambata ba: a cire waƙafin da ke bayan `aji`. A ganina wannan ita ce ɗabi'ar da ta fi cancanta malami ya fara dasa wa ɗalibi: ya nemo kalmar da aka ambata, sannan ya koma baya da kalma ɗaya ko biyu. Can zai tarar da waƙafin da ya yi yawa, ko bakar da aka buɗe ba a rufe ba, ko sharaɗin da aka bari a rataye, kamar a rubuta `WHERE aji =` a wuce kai tsaye zuwa `ORDER BY`.

Akwai lokacin da kalmar da aka ambata ita ce matsalar da kanta. Ɗalibin da ke gina rumbun bayanan kanti yakan sa wa teburin odar kaya suna `Order`, sai ya rubuta `SELECT * FROM Order`, sai lamba 156 ta sake fitowa. Abin da ya faru shi ne `ORDER` keɓaɓɓiyar kalma ce, rabin `ORDER BY` da ake jera sakamako da ita, manhajar kuwa sunan tebur take jira. Haka `GROUP` da `USER` suke a SQL Server. Ana iya killace sunan a rubuta `[Order]`, a MySQL kuma alamar `` ` `` ake sa masa gaba da baya. Amma na fi son ɗalibi ya canja sunan tun da wuri zuwa `Orders` ko `oda`, ya huta da killacewa a kowane umarni. Yadda za a bambance yanayin biyu mai sauƙi ne: idan kalmar da aka ambata suna ce da kai ka raɗa wa tebur ko gurbi, ita ce matsalar. Idan kuwa tana aikinta na asali, duba bayanta.

Wanda ke aiki da MySQL ko MariaDB, kamar masu koyo da XAMPP, zai ga wannan kuskure da lamba 1064 da doguwar jimla. Ƙarshenta ne ke da amfani, inda a misalinmu za a ga `near 'FROM dalibai WHERE aji = 2' at line 2`. Farkon abin da ke cikin alamar zance shi ne wurin cijewa, sauran cikon umarnin ne kawai. Idan kuma aka ga `near ''` babu komai a ciki, to umarnin ya ƙare alhali manhajar tana jiran ƙari.

Mu masu sunaye irin su Sa'adu da Mu'azu muna da namu tarkon na musamman. SQL da alamar `'` yake buɗe rubutu ya kuma rufe shi, don haka `'Sa'adu'` a wurinsa ya ƙare a kan `Sa`, sai SQL Server ya koka kusa da `adu`, da lamba 102 wannan karon tun da ba keɓaɓɓiyar kalma ba ce. Maganin shi ne a ninka alamar, a rubuta `'Sa''adu'`.

Kada kuma a ɗauka rashin jan rubutu yana nufin komai daidai ne. Wanda ya manta waƙafin tsakiya ya rubuta `SELECT suna aji FROM dalibai` ba zai ga kuskure ba. Manhajar za ta ɗauki `aji` a matsayin laƙabin da aka ba gurbin `suna`, ta fito da gurbi ɗaya tak ɗauke da sunaye a ƙarƙashin kan da bai dace ba. Wannan ya fi na farko haɗari, domin babu mai faɗa maka.

Lambar layi ma tana bukatar lura. A SQL Server tana iya farawa daga farkon ɓangaren da aka zartar, ba daga saman takardar ba, musamman idan ka zaɓi wani yanki kaɗai ka danna. A manhajar SSMS, danna jan saƙon sau biyu yakan kai ka layin.

Idan ka bi waɗannan duka abin bai warware ba, babu laifi ka nemi taimako, amma ka ɗauki hoton da zai amfanar. Hoton jan rubutu shi kaɗai ba ya isa, tun da mun ga kuskuren yakan ɓuya kafin kalmar da aka ambata. Ka haɗa da umarnin gaba ɗayansa daga kalmar farko, da saƙon har da lambarsa, ka faɗi manhajar da kake aiki da ita, ka kuma rufe sunaye da lambobin wayar mutane idan sun fito a allon. Mafi kyau ma ka kwafo umarnin a rubuce, domin wanda zai taimake ka ya iya gwada shi a tasa kwamfutar.