Karanta Hoton Takardar da Ta Ji Jiki

Wanda ya taɓa neman tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, ya san da wuya ainihin takardar ta shigo hannunsa. Abin da yake samu shi ne hoton fotokwafi, wani lokaci ma fotokwafin fotokwafi. Shafin ya cika da ɗige-ɗige, rubutun bayan takarda ya leƙo gaba, haruffa sun kakkarye. Kwafe irin wannan shafi zuwa rubutu mai tsabta aiki ne na tantance abin da marubuci ya rubuta daga abin da inji ya ƙara ko ya cinye.

Injin fotokwafi ba ya son launi tsaka-tsaki. Abin da ya yi duhu sai ya ƙara masa baƙi, abin da ya yi haske sai ya shafe shi. Saboda haka siraran sassan harafi ne ke fara ɓacewa, kuma a Hausa nan ne ciwon yake, domin lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ siririya ce. A ce layin ya fito haka: "Sarki ya karbi baki a fada." Mai kwafe zai gane "karɓi" nan take, tunda babu wata kalma "karbi". "Baki" kuwa ma'ana ce ke nuna cewa baƙi ne. Amma a wata jimlar "fada" da "faɗa" duka za su iya zama, to a nan zato ba ya wadatarwa. Sai a faɗaɗa hoton, a nemo wani d da wani ɗ masu lafiya a shafin, a gwada tsayinsu da faɗinsu da na harafin da ya karye. Sau da yawa lanƙwasar da ta ɓace takan bar ɗan gurbi ko guntun tawada a saman harafin.

A takardun da suka girmi haruffa masu lanƙwasa, ɗigo ake sa wa a ƙarƙashin harafi, kuma ɗigon nan bai da bambanci da datti a ido. Abin lura shi ne ɗigon ɗab'i yana zama wuri guda da girma guda a duk inda ya fito, datti kuwa warwatse yake har a gefen shafi inda babu rubutu.

Rubutun baya yana da alamarsa: a juye yake, kamar a madubi, kuma yawanci layukansa ba sa hawa daidai kan na gaba. Idan akwai hoton ɗaya shafin, sai a juya shi a kwamfuta a ɗora a kan wannan, duk tabon da ya dace da harafin baya a fitar da shi daga lissafi. Wanda ke da ainihin takardar yana iya sa baƙar takarda a bayanta kafin ya ɗauki hoto, hakan na dusashe rubutun da ke haskowa. Dabarar ba ta aiki a kan fotokwafi, domin inuwar ta riga ta zama baƙi a fuskar shafin. Abin da ya rage shi ne a ɗauki hoton da launin toka-toka, aƙalla 300 dpi, ko 600 idan haruffan ƙanana ne, a adana shi a TIFF ko PNG, saboda JPEG yana damalmala gefen haruffa.

Manhajar OCR tana rage wahala, amma a irin wannan shafi takan mai da ƙ ta koma k, ta haɗe rn ya zama m, ta ɗauki datti a matsayin waƙafi. Dole a bi abin da ta fitar layi-layi ana duba hoton.

Lambobi sun fi komai haɗari, domin jimla ba ta taimakonsu. Takwas da ta karye ta gefen hagu uku take komawa, sai fam 18 ya zama fam 13. Idan jerin kuɗi ne mai jimilla a ƙasa, a tara a gani. Bambancin biyar cif ya nuna inda matsalar take. Idan babu abin gwadawa, a bar shakkar a fili.

A nan ne nake ganin ake gane amintaccen mai kwafe. Harafin da ya cike da kansa ya sa shi cikin baka mai kusurwa, kamar ba[ƙ]i. Wanda yake shakka ya bi shi da [?], wurin da bai karantu ba ya sa [...] ya faɗi kimanin kalmomi nawa suka ɓace. Kada kuma ya gyara tsohon salon rubutu: idan an buga "su ka" a rabe, haka zai kwafe. Wanda zai zo daga baya da hoto mafi kyau zai san daidai wuraren da zai sake dubawa.