Ya Nemi Ninkin Kuɗi Ya Rasa Jari, Ya Koma Koyon Haɗa Sola

MAIDUGURI: A watan Afrilu na shekarar 2025 ne dandalin nan na CBEX ya rufe da kuɗin dubban 'yan Nijeriya, bayan ya yi watanni yana alkawarin ninka wa mutum abin da ya zuba a cikin kwana 30. Hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta ƙasa ta bayyana cewa ba ta taɓa yi masa rajista ba, hukumar EFCC kuma ta shiga bincike. Labarin da ke tafe na wani saurayi ne a wannan gari, wanda za mu sakaya sunansa, domin irinsa suna da yawa.

Ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa a lokacin da alawus ɗin wata yake Naira 33,000. Da wannan, da ɗan abin da yake samu na koyar da yara darasi da yamma, ya tara Naira 300,000, wato kimanin dala 200 a canjin farkon 2025. Niyyarsa ta fari ita ce ya kama ɗan shago. Sai wani abokin karatunsa ya nuna masa waya, ga lambobi suna hawa kullum, ya ce wai na'ura ce take cinikin kuɗin intanet ba ta faɗuwa.

Bai yi gaggawa ba, a ganinsa. Ya fara da rabi, wa'adi ya cika, ya ga dala 100 ta zama 200, har ya ciri kaɗan ya riƙe Naira a hannunsa. Wannan cirar ita ta kashe shi. Ya mayar da abin da ya cira, ya ƙara sauran ajiyarsa, sa'an nan ya je wa gwaggonsa da magana, ta ba shi Naira 150,000 na adashin da ta kwasa. Da aka shiga Afrilu sai cirar kuɗi ta tsaya. Daga baya aka ce wanda yake son a buɗe masa asusunsa ya biya dala 100 ko 200 na tantancewa. Allah ya taimake shi ba shi da ita.

Lissafin da ya kamata ya yi bai fi na minti biyu ba. Kuɗin da ke ninkuwa kowane wata, in an bar shi shekara guda, ya ninku sau 12 ke nan a jere, wato kowace Naira ɗaya ta zama 4,096. Naira 300,000 ɗinsa za ta haura biliyan ɗaya da miliyan 200. A daidai wannan lokaci kuɗin ruwan da Babban Bankin Nijeriya ya tsayar kashi 27.5 ne cikin 100, a shekara ɗungum, kuma 'yan kasuwa suna kukan ya yi tsada. Wanda yake da sana'ar da ke ninka jari a wata, me zai kai shi neman dala 100 ta ɗan hidimar ƙasa? Banki zai tafi ya ci bashi, ya riƙe ribarsa shi kaɗai.

Abin da ake kira riba a irin wannan tsari kuɗin sababbin shiga ne ake ɗiba a biya na da. Shi ya sa ake ba da lada ga wanda ya kawo wani, kuma shi ya sa biyan farko ba ya makara. Ranar da masu shiga suka kasa masu fita, sai a ce ana gyaran na'ura. Haka MMM ta yi a watan Disamba na 2016, ita da kashi 30 cikin 100 kawai ta yi alkawari a wata. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyu, ga masu kafa irin wannan tsari. Sai dai ɗaure ɓarawo dabam, dawowar kuɗi dabam.

Ya yi makonni ba ya iya bi ta ƙofar gidan gwaggon. Mijinta ne ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai haɗa wutar sola, ya ce a koya masa aiki. Sana'ar tana da kasuwa a Maiduguri tun watan Janairu na 2021, lokacin da 'yan tada ƙayar baya suka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, garin ya daɗe cikin duhu. Mai digiri ya koma ɗaukar tsani da hawa kwano a zafin rana, ana sallamarsa da kuɗin abinci da na Keke.

Abin da maigidan ya fara koya masa shi ne kada ya faɗi farashi sai ya ƙirga kayan wutar gida. A ɗauki gida mai ƙwan fitila huɗu na wat 10 da ke ci awa shida, da fanka biyu na wat 60 da ke juyawa awa goma, da talabijin na wat 80 na awa biyar. Ana ninka wat da awa: fitilu 240, fankoki 1,200, talabijin 400, jimla 1,840 a yini. A ƙara kusan kashi 30 cikin 100 saboda abin da ke salwanta a waya da infata da zafi, ya zama kimanin 2,400. A raba da awa biyar na rana mai ƙarfi, sai a ga gidan yana bukatar faifan sola na wat 500 ko kusa da haka.

Wurin batir ne masu koyo suka fi yin kuskure. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar 2,400 a rubuce, amma rabi kaɗai ake sha in ana son ya yi ƙarko. Tun da yawancin aikin gidan na dare ne, biyu za a sa. Mai gida zai so a sa ɗaya don sauƙi, kuma akwai masu haɗawa da za su yarda, su karɓi kuɗinsu, batirin ya mutu cikin 'yan watanni. Saurayin, wanda ya riga ya san ƙarshen alkawarin da lissafi bai ɗauka ba, bai sha wuyar gane wannan darasi ba.

Aikin farko da aka bar masa shi kaɗai ya kusa ja masa abin kunya. Da hunturu ya shiga, mai gidan ya kira yana faɗa, wai wuta tana ɗaukewa kafin tsakar dare, an sayar masa da jabun batir. Ya je ya auna batir da yamma, ya ga bai cika ba. Ya hau kwano ya tarar ƙura ta lulluɓe faifan. Ya wanke, ya sauko yana tambayar abin da aka ƙara a gidan, sai ga dutsen guga na wat 1,000. Awa ɗaya na guga yana cinye kusan duk abin da ya halatta a sha daga batir guda. Ya rubuta musu a takarda abin da za a jona da wanda ba za a jona ba, ya manna a jikin bango kusa da infata, ya ce a riƙa share faifan duk mako har ƙura ta wuce.

Mai gidan ne ya haɗa shi da maƙwabta biyu. Ladan aiki ba shi da yawa, wani makon ma babu, kuma ko sisi bai dawo ba daga Naira 300,000 ɗinsa. Daga abin da yake samu ya sayi na'urar awon wuta tasa ta kansa da filaya da sukuddireba, yana kuma kai wa gwaggonsa Naira 10,000 duk ƙarshen wata. In bai tsallake ko ɗaya ba, wata 15 zai ɗauka kafin ya gama biyanta.