Idan sabuwar fuska ta ƙi jinin wuyanta

Wajen ɗaukar fim, ana iya ɗora fuskar jarumi a jikin wanda ya yi masa tsalle mai haɗari, da yardar su biyun. Inda ake shan wuya shi ne idan ɗaya fari ne tas, ɗayan baƙi wuluk.

Manhaja tana auna matsakaicin launin fuskar da ke ƙasa, sai ta ja sabuwar zuwa can. A DeepFaceLab, hanyar da ake kira `rct` haka take aiki. To amma baƙar fata tana da sheƙi a goshi da karan hanci, ga inuwa mai zurfi ƙarƙashin haɓa, shi kuwa matsakaici bai san da wannan ba. Sai fuskar ta fito toka-toka kamar an shafa mata hoda, leɓe ya koɗe, har farin ido ya dushe.

Gyaran yana farawa daga wurin da ake aunawa. A ware fata zalla, a cire ido, haƙora, gira da gashi, domin su ne ke ɓata lissafin. Daga nan a daidaita haske shi kaɗai, inuwa daban, tsakiya daban, sheƙi daban. Sai haske ya zauna ake taɓa ja da rawaya, kaɗan-kaɗan, ana kallon kunne da wuya.

Wasu kan ƙara dusashe gefen fuskar don ɓoye layin haɗi. Wannan rufa-rufa ce, da mutum ya juya kai asiri zai tonu. Idan tazarar launin ta yi yawa, a nemo wani mai jikin da fatarsa ta fi kusa da ta jarumin.