Tsawon igiyar da ɗan kasuwa ke bai wa ribarsa

Duk wanda ya taɓa sayen hannun jari ya ga farashinsa na hawa, ya san fargabar da ke biyo baya. In ya sayar yau gobe a ƙara tashi, in ya jira a wayi gari ribar ta narke. Shi ya sa 'yan kasuwa ke shata iyakar fita, wato farashin da ke bin kasuwa daga ƙasa yayin da take hawa, da zarar an faɗo kansa sai a sayar. Rigimar duk tana kan tazarar da za a bari.

Hanya mafi sauƙi ita ce kaso tsayayye. Mutum ya ce in farashi ya sauko da kashi 8 cikin ɗari daga ƙololuwarsa, zan fita. Ɗaya hanyar kuwa Ba'amurke Chuck LeBeau ne ya ɓullo da ita, Alexander Elder ya yaɗa ta a littafinsa na 2002. A manhajojin ciniki sunanta Chandelier Exit, daga fitilar ado da ake ratayawa a silin falo, domin ita ma rataye take daga farashi mafi tsawo.

```
Stop = Highest High(22) - 3 × ATR(22)
```

Ana duba farashi mafi tsawo cikin kwanakin ciniki 22, kusan wata guda ke nan, a cire ATR sau uku. ATR ma'auni ne da J. Welles Wilder ya fito da shi a 1978, mai nuna matsakaicin nisan da farashi ke kai-komo a rana, har da giɓin da kan samu tsakanin rufewar jiya da cinikin yau.

A ce ka sayi hannayen jari biyu, kowanne a naira 80, dukansu suka kai naira 100. Na farko mai natsuwa ne, naira 1 yake motsawa a rana. Na biyu ɗan tsalle-tsalle, naira 4. Mai bin kashi 8 zai sa iyakar kowanne a naira 92. Lissafin LeBeau kuwa zai sa ta farko a 97, ta biyu a 88.

Dubi ɗan tsalle-tsallen. Saukar kwana biyu irin wadda ya saba ta isa ta kai shi 92, mai kaso tsayayye ya fita alhali babu abin da ya lalace. In farashin ya juya ya kai 120, shi sai kallo. Mai iyaka a 88 yana nan ciki, iyakarsa ma ta hau zuwa 108. A wajen mai natsuwar kuma abin ya juye. Kafin ya zubar da naira 8 ya yi tafiyar kwana takwas, alamar matsala ta daɗe da bayyana. Wanda ya fita a 97 ya tsira da ƙarin naira 5 a kan kowane hannun jari. Igiya ɗaya ce ta yi wa wancan kaɗan, ta yi wa wannan yawa.

Amma fa ba kyauta ba ce. Da ɗan tsalle-tsallen ya rushe da gaske tun daga 100, mai jiran 88 ya fi abokinsa asarar naira 4. Saboda haka duk hannun jarin da iyakarsa ke da nisa, kaɗan ya kamata a saya.

Akwai kuma wani aibi da sababbin shiga ba sa lura da shi: layin yana iya sauka. A misalinmu, in kasuwa ta rikice ATR ya tashi daga 4 zuwa 6, iyakar za ta zame daga 108 ta koma 102, daidai lokacin da ka fi bukatar kariya. Kaso tsayayye ba ya wannan. Maganinsa shi ne ka rubuta iyakar jiya, ka kwatanta da ta yau, ka riƙe wadda ta fi tsawo.

A kasuwar da ke kwan-gaba kwan-baya, ba hawa ba sauka, dukansu biyun wahala ce, ka shiga a fitar da kai, kuɗin dillali na ta cin jari. Kuma babu wadda ke lamunce maka farashin fita. In iyakarka 108 ce, mummunan labari ya fito da dare aka buɗe kasuwa a 100, a nan za ka sayar.

Ni dai in hannayen jarin da ke hannuna halinsu ya bambanta, ta LeBeau zan ɗauka, da sharaɗin ba zan taɓa sassauta igiyar ba. Mai riƙe da abu ɗaya da ya san motsinsa sarai, kaso tsayayye ya ishe shi, muddin ya auna kason da ATR kafin ya zaɓa.