Ma'aunin Jiya a Kasuwar Yau

Masu cinikin kuɗaɗen ƙasashe da ma'aunin hannun jari kamar S&P 500 sukan fitar da matakan yau daga farashin jiya. Ana haɗa mafi tsada, mafi araha da farashin rufewa, a raba uku:

`P = (H + L + C) / 3`

A ce jiya yuro ya hau dala 1.0900, ya sauka 1.0800, ya rufe a 1.0880. Tsakiya ta zama 1.0860. Ninka ta biyu ka cire mafi araha, ka sami shingen sama, 1.0920, inda mai saye zai kwashi ribarsa.

Amma lissafi ba duba ba ne. Ranar da Amurka ta sanar da kuɗin ruwa, farashi kan ƙetare shingen bai waiwayo ba, don haka a sa iyakar asara tun kafin shiga.